Amfani da Tarot Wajen Tambayoyin E Ko A'a

Tarot kati ne guda 78 da aka fara wasa da su a arewacin Italiya a ƙarni na 15. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka fara duba da su a Faransa. A yau wasu na amfani da su don neman gajeriyar amsa, wato e ko a'a.

Hanyoyi

Hanya mafi sauƙi ita ce a cakuɗa katunan a zaro ɗaya. Idan hoton ya fito a miƙe, amsar e ce. Idan ya fito a juye, a'a ce. Wasu kuwa ma'anar katin suke bi: katin Rana na nufin e, katin Hasumiya na nufin a'a. Akwai masu zaro uku su bi rinjaye.

Iyakar amsar

Hanyoyin kan saɓa wa juna. Misali, idan mai tambaya ko za ta samu aiki ta zaro Hasumiya a miƙe, hanyar farko ta ce e, ta biyu ta ce a'a. Haka nan, idan an cakuɗa katunan sosai ana jujjuya su, miƙewa da juyewa daidai suke da jefa kwabo sama, don haka maimaita tambayar na iya sauya amsar. Babu hujjar kimiyya da ta nuna katunan na hango abin da zai faru, kuma amsar kalma ɗaya ba ta bayyana dalili ko lokaci.