Me ya sa takin yuriya ke sanyaya ruwa, dutsen siminti kuma sai da wuta?

Manomin da ya taɓa jiƙa takin yuriya a bokiti don feshi ya san abin da ke faruwa. Da ƙwayoyin sun fara narkewa sai ruwan ya ɗauki sanyi, kuma duk wanda ya tsoma hannu zai ji. Ba wanda ya hura wuta, ba wanda ya sa ƙanƙara. Takin ya narke da kansa, kuma garin narkewar ya zuƙe zafin da ke cikin ruwan.

Wannan ɗan abin ya saɓa wa ra'ayin da manyan masana kimiyyar sinadarai suka riƙe a ƙarni na 19. Julius Thomsen na ƙasar Denmak da Marcellin Berthelot na Faransa sun ɗauka cewa sauyin da ke faruwa da kansa shi ne wanda ke fitar da zafi. Suna da hujja kuwa: itace na ci da wuta ya ba da zafi, ƙarfe na yin tsatsa yana sakin zafi a hankali. Zafin da sauyi ke fitarwa ko yake zuƙa shi ake kira canjin entalfi, ana rubuta shi ΔH. Amma da entalfi kaɗai ke yanke hukunci, da yuriya ba ta narke ba, da ƙanƙara ma ba ta zama ruwa a kan faranti ba, tunda dukansu zuƙar zafi suke yi.

Abin da ya ɓace a lissafinsu shi ne entirofi, sunan da Bajamushe Rudolf Clausius ya raɗa a 1865. Daga baya Ludwig Boltzmann na Ostiriya ya nuna abin da yake aunawa: yawan hanyoyin da ƙwayoyin abu da ƙarfin da ke cikinsu za su iya bazuwa. A zuba farar dawa a ƙasan ƙwarya, jar dawa a sama, a yi ta girgizawa. Za su gauraye, kuma ko an kwana ana girgizawa ba za su koma a ware ba, domin hanyoyin zama a gauraye sun fi na zama a ware yawa nesa ba kusa ba. Haka ƙwayoyin yuriya suke. A cikin buhu suna jere a matse, kowace a gurbinta, a cikin ruwa kuwa sun sami fili sun watsu.

Doka ta biyu ta ilimin zafi ta ce sauyi na faruwa da kansa ne idan jimillar entirofi ta ƙaru. A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, don jimillar ta ƙunshi ɓangare biyu: abin da ke sauyawa, da kuma duk abin da ke kewaye da shi. Idan sauyi ya saki zafi, zafin yana bazuwa cikin iska da bango da ƙasa, entirofinsu ya ƙaru. Wannan ne ya sa hasashen Thomsen da Berthelot ke dacewa sau da yawa, sun kama ɓangare ɗaya na lissafin. Idan kuwa sauyi ya zuƙi zafi, kewayen ya yi hasara, to dole abin da ke sauyawa ya sami ƙarin da ya zarce wannan hasarar. Yuriya a ruwa ta cika wannan sharaɗi.

Ba'amurke Josiah Willard Gibbs, a ayyukansa na shekarun 1870, shi ya share hanyar haɗa ɓangarorin biyu a lissafi ɗaya da ake rubutawa yau kamar haka: ΔG = ΔH − TΔS. ΔS shi ne canjin entirofin abin da ke sauyawa, T kuma zafin wurin a ma'aunin Kelbin, wato digirin Salshiyas a ƙara masa 273. Idan ΔG ya faɗi ƙasa da sifili, sauyin zai iya tafiya da kansa. Idan ya haura sifili, akasinsa ne zai tafi. Abin lura shi ne T, domin gwargwadon zafin wuri, gwargwadon nauyin da entirofi ke samu a ma'auni.

Dutsen farar ƙasa, wanda ake haƙowa don yin siminti a Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gombe, da Malbaza ta Nijar, ya nuna yadda abin ke aiki. Matakin farko na sarrafa shi shi ne a raba shi biyu: CaCO₃ → CaO + CO₂. Giram 100 na dutsen yana ba da giram 56 na ƙonanniyar farar ƙasa da giram 44 na iskar CO₂. Kafin wannan giram 100 ya rabu sai ya sha zafi kimanin kilojul 178. Ta fuskar entalfi ke nan, babu abin da ke goyon bayan sauyin. Ta fuskar entirofi kuwa akwai riba, domin iska ta kuɓuce daga cikin daskararren dutse, kuma ΔS ya kai kimanin kilojul 0.161 a kan kowane digirin Kelbin.

A rana mai digiri 25, wato Kelbin 298, ribar entirofi ita ce 298 sau 0.161, kimanin kilojul 48. A cire 48 daga 178, saura 130 sama da sifili. Shi ya sa dutsen ke kwance a ƙasa shekaru miliyoyi bai rabu ba. A cikin wuta mai digiri 1,000 kuwa, wato Kelbin 1,273, ribar ta kai kimanin 205, ΔG ya koma 27 ƙasa da sifili, iskar ta fara ficewa. Ɓangarorin biyu suna yin kunnen doki a wajen Kelbin 1,106, kimanin digiri 833. A zahiri iyakar ta ɗan fi haka, tana kusa da digiri 900 idan iskar CO₂ ta cika wurin, saboda ΔH da ΔS kansu suna ɗan motsawa yayin da zafi ke hawa. Idan kuma ana janye iskar daga tanderu, dutsen yana rabuwa a ƙasa da hakan.

Masu ƙona farar ƙasa suna ganin sakamakon da idonsu. Idan wuta ba ta ratsa har tsakiyar dutse ba, bayansa ya ƙone, cikinsa na nan ɗanye. A zuba masa ruwa, ɓangaren da ya ƙone zai yi zafi, ya yi tururi, ya marmashe, ɗanyen kuwa ya rage a matsayin tsakuwa.

Akwai tambayar da ΔG ba ya amsawa: yaushe? Lissafin yana faɗin inda sauyi ya karkata, ba ya faɗin saurinsa. Fetur da iskar da muke shaƙa suna da ΔG mai nisa ƙasa da sifili, duk da haka galan na iya yin wata a ajiye har sai tartsatsi ya same shi, domin akwai shingen ƙarfi da sai an tsallake kafin sauyin ya kankama. Lu'ulu'un daimon ma, a zafi da matsin iskar ɗaki, lissafi ya nuna ya karkata ga zama girafait, baƙin abin da ke cikin fensir, da ΔG na kusan kilojul 3 ƙasa da sifili a kan kowane giram 12. Shingen da ke gabansa yana da tsawo ƙwarai, shi ya sa daimon ke zama shekaru aru-aru ba a ga alamar sauyi a jikinsa ba.