Man da ke daskarewa da wanda ke zuba: me kowanne ke yi wa jini?

Da sanyin hunturu, man shanu kan sandare a ƙwarya, manja ya yi kauri a kwalba, amma man waken soya yana nan ruwa tsululu. Wannan bambanci da kowace uwargida ta sani shi ne kuma ginshiƙin yadda likitoci ke raba mai gida uku.

Kowane mai sarƙa ce ta sinadarin kabon da haidirojin ya lulluɓe. Idan haidirojin ya cike kowane gurbi, sarƙar kan miƙe sak. Wannan shi ne cikakken mai, kuma shi ya fi yawa a kitsen nama, man shanu da man kwakwa. Kusan rabin manja ma shi ne. Idan akwai gurbi ɗaya da bai cika ba, sarƙar kan lanƙwashe a wurin, kamar yadda take a man zaitun da kusan rabin man gyaɗa. Na uku mai gurabe da yawa ne, irin na waken soya da na kifi. Miƙaƙƙun kara sun fi ɗauruwa tam a dami. Haka cikakken mai ke haɗuwa ya daskare, lanƙwasasshen kuma ya ƙi.

To ina ruwan jini da wannan? Hanta ce ke tace kolestarol. A jikin ƙwayoyinta akwai 'yan ƙofofi da ke cafke nau'in da ake rubutawa LDL a takardar gwaji, wato wanda ke taruwa a bangon jijiya har ya toshe ta. Michael Brown da Joseph Goldstein sun ci kyautar Nobel a 1985 kan gano waɗannan ƙofofi. Cikakken mai yana rage aikinsu, sai LDL ya daɗe yana yawo a jini. Mai gurabe da yawa kuwa ƙara musu himma yake yi. Mai gurbi ɗaya yana tsakiya: shi kaɗai ba ya wani motsa awon sosai, amma idan ya maye gurbin cikakken mai, LDL kan sauka, HDL mai kwashe kolestarol zuwa hanta kuma ba ya raguwa.

Tun a shekarun 1950, Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya auna abin a kan mutanen da aka tsara musu abinci, ya ga cewa ƙarfin cikakken mai wajen ɗaga kolestarol ya ninka ƙarfin mai gurabe da yawa wajen sauke shi. Ke nan zuba man soya a kan farfesun da kitse ke yawo a kai ba zai goge komai ba. Musanya ake so, ba ƙari ba.

Mu ɗauki tukunyar miya ta mutum shida da aka zuba wa manja cokali 12 na cin abinci. Kowa ya tashi da cokali biyu, wato kusan giram 14 na cikakken mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada cikakken mai ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, wanda ga mai cin kalori 2,000 a rana bai wuce giram 22 ba. Miya kaɗai ta cinye kusan kashi biyu cikin uku, tun ba a zo kan nama da madarar shayi ba. Da man gyaɗa aka yi ta, giram biyar ne kacal. Bisa lissafin Keys, wanda ya yi wannan sauyi kullum zai iya ganin jimillar kolestarol ɗinsa ta sauka da kimanin maki 15 a ma'aunin mg/dL cikin 'yan makonni. Ba wani abin a zo a gani ba ne ga wanda awonsa ya haura 300, musamman idan gado ne. Irin wannan sai da magani.

Sai dai a kula, ba duk abin da ake kira man gyaɗa a kasuwa ne na gyaɗa ba. Da yawa cikin na jarka manja ne da aka tace har launin ya fita, shi ya sa yake yin gari-gari a ƙasan jarka da sanyi. Rubutun da ke cewa "babu kolestarol" ma kada ya ruɗi kowa, domin babu man tsiro da ke ɗauke da shi tun asali. Abin dubawa shi ne yawan cikakken mai a ciki.

Wanda kuma ya bar mai ya koma cika ciki da farar shinkafa, burodi da lemon kwalba bai tsira ba. LDL ɗinsa zai ɗan sauka, amma HDL zai bi shi, wani kitsen jinin da ake kira tiragilisaraid kuma ya hau. Shi wannan ɗin ne man kifi irin su sadin ke saukewa, ba LDL ba. Duk waɗannan ba a jin su a jiki, gwajin jini ne kawai ke nuna su.