Gajimaren Ichimoku: yadda ake gane inda farashi ya dosa da inda zai iya tsayawa

Duk wanda ya buɗe zanen farashin zinare ko na dala a wayarsa ya ɗora masa Ichimoku, abin da zai fara gani shi ne layuka biyar sun sarƙe da juna, ga kuma wani fili mai launi, wani wuri kore wani wuri ja, yana tafe kamar hadari. Da yawa daga nan suke rufewa su ce wannan sai masu boko. To, ba haka ba ne. Lissafin da ke ƙarƙashinsa bai wuce wanda ɗan kasuwar hatsi yake yi da ka ba: nawa ne mafi tsadar buhu a kwanakin nan, nawa ne mafi araha, ina tsakiya?

Wani ɗan jarida ne a Japan, Goichi Hosoda, ya tsara shi. Ya fara aikin tun shekarun 1930, bai fitar wa jama'a ba sai ƙarshen shekarun 1960. Cikakken sunan shi ne Ichimoku Kinko Hyo, ma'ana zanen da ke nuna daidaiton kasuwa da kallo ɗaya. Filin nan mai launi sunansa Kumo, wato gajimare da Japananci, kuma shi kaɗai ya ishi mai koyo aiki na watanni.

Layuka biyu ne suke yi wa gajimaren iyaka, Senkou Span A da Senkou Span B (wasu manhajojin suna rubuta Leading Span A da Leading Span B). Na farkon yana fitowa ne daga wasu layuka biyu, Tenkan-sen da Kijun-sen. Ga lissafin, inda H ke nufin farashi mafi sama, L kuma mafi ƙasa, lambar da ke gefe ita ce yawan kwanakin da aka duba:

```
Tenkan = (H9 + L9) / 2
Kijun  = (H26 + L26) / 2
Span A = (Tenkan + Kijun) / 2
Span B = (H52 + L52) / 2
```

Mu ɗauki misali da zinare, da lambobin da muka zaɓa don sauƙin lissafi. A ce a kwana 9 na kasuwa da suka wuce oza ɗaya ta kai dala 2,440 a sama, 2,380 a ƙasa. Tsakiyarsu 2,410, shi ne Tenkan. A kwana 26, sama tana nan 2,440, ƙasa 2,300, Kijun ya zama 2,370. Ka haɗa biyun ka raba biyu, Span A ya tsaya a 2,390. A kwana 52 kuwa ƙasa ta taɓa 2,200, saboda haka Span B ya zama 2,320. Gajimaren ke nan: daga 2,320 zuwa 2,390, kaurinsa dala 70. Tunda A na sama da B, yawancin manhajoji za su shafa masa kore, alamar cewa farashin kwanan nan ya fi na watanni biyun baya ƙarfi. Da B ne a sama, da ja za ka gani.

A nan ne fa ake yawan ruɗewa. Wannan gajimaren da muka lissafa ba a zana shi a kan ranar yau, ana tura shi gaba da kwana 26. Shi ya sa za ka ga gajimare ya wuce kyandir na ƙarshe ya shiga filin da babu komai. Sabon shiga sai ya ɗauka manhajar ta hango gobe. Ba ta hango komai ba, tsohon farashi ne aka ɗauko aka ajiye a gaba. Haka nan gajimaren da ke ƙarƙashin farashin yau, kwana 26 da suka wuce aka lissafa shi.

Karanta alkibla ba ta da wuya. In farashi yana sama da gajimare, kasuwa hawa take yi, masu saye ne da rinjaye. In yana ƙasa, sauka take yi. In kuwa ya shige cikin gajimaren, to babu wanda ya yi rinjaye, kuma a ganina wannan shi ne karatun da ya fi amfani ga mai koyo, domin yana ce maka ka naɗe hannu ka jira. Alamar hawa tana ƙara ƙarfi idan farashi na sama, gajimaren da ke gaba kuma kore ne yana ɗagawa. Idan farashi na sama amma na gaba ya fara sirancewa zai juye ja, hawan ya fara gajiya.

Sai batun madogara, wato inda farashi mai faɗuwa yake iya samun abin tokarewa. Mu koma misalinmu. Kwana 26 sun cika, zinare ya hau har 2,480, sannan ya juyo ya sauko 2,395. Yanzu yana daf da rufin gajimaren nan na 2,390. Wannan ita ce madogara ta farko. In ranar ta rufe a sama da ita, washegari kuma ya ɗaga, madogarar ta riƙe. In ya rufe a 2,360, ya shiga ciki, sai ido ya koma kan 2,320, ƙasan gajimaren. In ya rufe ƙasa da 2,320, labari ya canja: gajimaren da yake tokare farashi daga ƙasa ya koma rufi a kansa, kuma duk yunƙurin hawa zai iya cin karo da shi.

Ka lura na ce "rufe". Farashi yakan leƙa ƙarƙashin layi da rana ya dawo kafin a tashi, ya bar siririn tsinke a jikin kyandir. Wanda ya yi gaggawar sayarwa saboda leƙen nan yakan ciji yatsa. Mai amfani da zanen kwana-kwana sai ya jira kyandir ɗin ranar ya kammala.

Kauri ma yana magana. Wanda ya sayi zinare a 2,395 yana dogaro da gajimaren nan, ya kuma yanke cewa zai fita in an rufe ƙasa da 2,320, ya san tun farko cewa yana iya rasa dala 75 ko fiye a kowace oza. Gajimare mai kauri yakan yi wuyar hudawa, amma ka ga yana nisanta wurin fita. Siriri kuma, musamman inda A da B suka gitta juna launi ya canja, farashi yakan ratsa shi kamar babu. Wani lokaci za ka ga Span B ya miƙe sambal kamar an ja shi da rula. Dalili shi ne sama da ƙasan kwana 52 ba su canja ba, kuma masu lura da zane sukan sa ido a kan irin wannan layin sosai.

Inda Ichimoku ke ba da kunya shi ne kasuwar da ba ta hawa ba ta sauka. Farashi ya fito sama yau, jibi ya koma ƙasa, launi yana ta juyawa, gajimaren ya kwanta siriri. Ganin haka, ka san kowace alama a wannan lokacin tana iya zama ta ƙarya. Haka kuma ba ya jin labari: ranar da babban bankin Amurka ya sanar da kuɗin ruwa, zinare na iya tsallake gajimare mai kauri cikin awa ɗaya. Kuma lambobin 9, 26 da 52 kyandir suke ƙirgawa, ba lallai kwana ba. A zanen minti biyar, 52 ɗin nan awa huɗu ne da minti ashirin kacal, shi ya sa wayar mutum biyu za ta nuna kore a ɗaya, ja a ɗaya, a kan zinare guda.

Mai son gwadawa ya buɗe asusun gwaji wanda ba a sa kuɗin gaske, ya zaɓi zanen 1D, ya shiga saitin Ichimoku ya kashe sauran layuka uku ya bar gajimaren kawai. Sai ya ja zanen baya shekara guda, ya ƙirga sau nawa farashi ya taɓa rufin gajimare ya koma sama, sau nawa kuma ya huda ya wuce, ya rubuta a littafin shago.