Jadawalin Bita Ba Rabon Gado Ba Ne

Da zarar an ce jarrabawa ta ƙarato a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, musu ɗaya ne ke tashi tsakanin ɗalibai: a kwana zaune ana karatu, ko a bi jadawali? Masu kwanan zaune sun dogara da shayi da goro. Masu jadawalin kuwa, da yawansu takardar da suka liƙa a bango ba ta fi kwanan zaunen ba, don sun raba kwanaki ne kamar gado: Litinin zuwa Laraba na wannan kwas, Alhamis zuwa Asabar na wancan, kuma wanda aka gama an gama da shi ke nan sai a zauren jarrabawa.

Nan ne kuskuren yake, kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mai lambun albasa a bakin madatsar Zobe ba ya juye ruwan wata guda a rana ɗaya ya ce ya huta. Magini ba ya tayar da katangar laka da safe ɗaya. Sai sahu ya sha iska ake ɗora wani. Ko tuwo, ba a cin na mako a zama guda.

Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna mantuwa a kan kansa ya wallafa a 1885. Ya haddace gaɓoɓi marasa ma'ana, ya ga fiye da rabin aikin ya zube cikin awa ɗaya, bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku. Karatu mai ma'ana ya fi haka jimawa, amma hanyar ɗaya ce: zubewar da sauri take farawa, sannan ta lafa. Alarammomi ba su jira shi ba. Tishi da tilawa a tsangaya maganin wannan ciwon ne.

Mu ɗauki ɗalibar da ke zuwa daga Tamawa, mai kwas 6, jarrabawa saura kwana 21. Ta yanka kowane kwas babi 7, ya zama babi 42. Tana ɗaukar sabbi 3 a rana, kowanne daga kwas dabam, minti 40 kowanne. Cikin kwana 14 ta ƙure su. Babin da ta karanta ran Litinin za ta waiwaye shi Talata, sannan Alhamis, sannan Litinin ta sama. Daga rana ta 8 aikin ya kai maƙura: sabbi 3, tsofaffi 9. Idan kowane tsoho ya ci minti 10, awa ɗaya da rabi ke nan, jimilla awa uku da rabi. Babin ƙarshe, na rana ta 14, bitarsa ta uku tana faɗowa rana ta 21 daidai.

Yadda ake cin minti goman nan shi ne komai. Ba buɗe littafi za ta yi tana gyaɗa kai ba. Ta rufe shi, ta rubuta abin da ta tuna a farar takarda ko ta amsa tsohuwar tambayar jarrabawa, sannan ta buɗe ta ga inda ta yi tuntuɓe. Ido yana gane shafin da ya saba gani, sai mutum ya zaci ya iya. Sanin fuskar mutum dabam, tuna sunansa dabam. A 2006 Roediger da Karpicke sun gwada ɗalibai a Amurka: bayan mako guda, masu gwada kansu sun tuna kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaita karantawa kashi 40. Babin da ya gagare ta sau biyu sai ta mayar da shi farkon layi, ta sake gobe.

Tunatarwar kuma ta ɗaura ta a salla, kada ta dogara da ƙararrawar wayar da caji kan yanke mata. Sabon babi bayan asuba, bita bayan la'asar, ragowar bayan isha'i. Takarda mai layi 42, kowane layi da gurbi huɗu na kwanan wata, ta isa. Ranar da ta kuɓuce mata, bitar za ta fara biya, sabon babi ya jira.

Duk lissafin nan yana bukatar sanin ranar kowace takarda, domin kwas ɗin da za a fara rubutawa shi ya kamata babi-babinsa su riga shiga. Jami'o'inmu da ke fitar da jadawalin jarrabawa a ƙurarren lokaci, su kuma sake shi bayan kwana biyu, su ke tura yara kwanan zaunen da malamai ke musu faɗa a kai.