Wasiƙar ƙarshen wata: yadda manajan kanti ke gaya wa mai gida abin da ya salwanta

Mai kantin da ba ya zama a kantinsa, ko don yana aiki a Abuja ko don ya buɗe reshe na biyu a wata unguwa, yakan san cinikin da aka yi kullum, domin kuɗi suna shigo masa a banki. Abin da ba ya gani shi ne kayan da suka fita ba tare da sun bar kuɗi a bayansu ba. Wannan sai manaja ya gaya masa, kuma manajoji da yawa yanzu ta imel suke yi, sau ɗaya a wata, bayan an rufe kanti an ƙirga kaya. Wasiƙar gajeriya ce, amma da ita mai gida zai yanke shawarar ko ya sayi sabon firji, ko ya sake dila, ko ya sallami yaro. Saboda haka yadda aka tsara ta ba ƙaramin abu ba ne.

Bari mu ɗauki misali. Kantin kayan masarufi ne matsakaici a cikin Kano, wanda ke saro yawancin kayansa daga Kasuwar Singa. Alƙaluman da farashin duk na misali ne, kowa ya sa nasa. Ga abin da manaja ya rubuta, da taken “Asarar kaya ta watan Afirilu: naira 110,500”:

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe. Mun yi ƙirgen kaya daren 30 ga wata bayan an rufe, ni da mai kula da sito. Jimillar asara naira 110,500 ce a kuɗin saro, wato kashi 1.3 cikin ɗari na cinikin wata, wanda ya kama naira 8,500,000. Daga ciki, naira 69,300 mun san dalilinta, naira 41,200 kuwa ba mu gano ba tukuna. Ga jadawalin.

| Kaya | Abin da littafi ya ce | Mai kyau da aka ƙirga | Giɓi | Asara a naira | Dalili |
|---|---|---|---|---|---|
| Yogot, gora | 150 | 90 | 60 | 24,000 | Ya lalace, firji ya mutu |
| Madarar gwangwani | 312 | 288 | 24 | 16,800 | Wa’adi ya wuce |
| Ƙwai, kiret | 40 | 37 | 3 | 15,000 | Fashewa |
| Sukari, kilo | 200 | 191 | 9 | 13,500 | Awo |
| Sabulun wanka | 390 | 342 | 48 | 21,600 | Ba a gano ba |
| Man shafawa, babba | 60 | 53 | 7 | 19,600 | Ba a gano ba |

Ina neman izininka a kan abu biyu: a kira mai gyaran firji cikin makon nan, sannan in je wurin dilan sabulu da takardar kawo kaya mu duba tare. Hotunan kayan da suka lalace suna haɗe. Na ajiye su a sito har sai ka gani ko ka ce a zubar. Allah ya ƙara girma.

Shi ke nan wasiƙar. Mutumin da ya buɗe ta a wayarsa yana cikin mota, layi uku na farko sun ishe shi sanin nawa aka yi asara da kuma ko abin na tayar da hankali ne. Manajan da ya fara da dogon bayani kan wahalar wuta da zafin rana da ƙoƙarin yaran kanti, ya ɓoye jimillar a can ƙasa, ya sa wa mai gida zargi tun kafin ya kai ga lambar.

Daga ina aka samo lambar da “littafi ya ce”? Lissafi ne mai sauƙi, ko da littafin takarda ake aiki ko da na’ura. Ɗauki sabulu. An shiga watan da guda 130 a kan kanta da sito. Aka saro katan goma, kowane na ɗauke da guda 48 a misalinmu, ya zama 480. Haɗa su, 610. Rasidai sun nuna an sayar da 220. Ke nan ya kamata a tarar da 390. Da aka ƙirga da hannu sai aka tarar da 342. Giɓin 48 ne, a kan naira 450 kuɗin saro, ya ba da 21,600. Kowane layi na jadawalin haka aka bi aka fitar da shi, kuma idan ɗaya daga cikin lambobin uku na farko ta yi kuskure, giɓin ƙarya ne. Shi ya sa ake ƙirge bayan an rufe kanti. Idan ana ƙirga ana sayarwa, sai kwalin da aka ƙirga ya fita, ko wanda aka sauke daga mota ya shiga ba a rubuta ba.

Akwai dalilin da ya sa manajan ya ce “a kuɗin saro”. Idan aka lissafa da kuɗin sayarwa, an cusa ribar da ba a taɓa ci ba a cikin asara, lambar ta kumbura. Wani mai kantin ya fi son a lissafa masa da kuɗin sayarwa, kuma ba laifi ba ne, amma a tsaya kan hanya ɗaya kowane wata, in ba haka ba ba za a iya gwada Afirilu da Maris ba. Haka nan batun kashi cikin ɗari. Naira dubu ɗari da goma babban kuɗi ne a kantin da cinikinsa miliyan biyu ne, a wanda ke cinikin miliyan talatin kuwa ba ta kai a tayar da jijiyar wuya ba. Kuma kada kashi 1.3 ya yaudari kowa da ƙanƙantarsa. Idan ribar kantin naira goma ce a kowace naira ɗari ta ciniki, sai an sake sayar da kayan naira 1,105,000 kafin a maye wannan gurbin.

A ganina, layin da ya fi kowane daraja a wasiƙar shi ne inda aka raba asara gida biyu. Wadda aka san dalilinta tana da gawa, ana iya nuna ta: ga gorunan yogot sun kumbura, ga gwangwanayen da kwanan watansu ya wuce. Maganinta ma a bayyane yake. Madara 24 ta mutu a kanta ne saboda yaro yakan jera sabon kaya a gaba ya tura tsohon baya, alhali wanda wa’adinsa ya fi kusa shi ya kamata ya fara fita. Da an duba kwanan wata tun saura wata biyu, da an karya farashi an rabu da ita. Yanzu kuwa ba ta sayuwa, kuma sayar da ita laifi ne da hukumar NAFDAC ke kama mutane a kansa. Sukari kuma, duk wanda ya taɓa farke buhu mai kilo 50 yana ƙullawa a leda ya san ba ya cika cif. Ana ɗan ƙara wa mai saye, ana zubarwa, wani na maƙalewa a buhu. Amma kilo tara ya isa a ɗauko abin da aka tabbatar da nauyinsa a gwada ma’aunin kantin.

Ɗaya ɓangaren, wanda ba a gano ba, shi ne inda mai gida kan yi gaggawar cewa sata. Wani lokacin satar ce, amma siffar lambar tana ba da labari idan aka tsaya aka dube ta. Giɓin sabulu 48 ne cif, daidai da katan ɗaya. Ɓarawon kanta ba ya ƙirga abin da yake ɗauka har ya tashi a katan daidai. Irin wannan giɓin ya fi nuna ƙofar baya: ko dila ya rubuta katan goma aka sauke tara, wanda ya karɓa ya sa hannu bai ƙirga ba, ko an shigar da katan ɗaya sau biyu a littafi, ko kuma yana can ƙarƙashin katan-katan na omo a sito ba a gan shi ba. Yana kuma iya zama wani na ciki ne ya fita da shi ɗungurungum. Duk waɗannan takarda ake fara bi, shi ya sa manajan ya nemi ya je wurin dila da takardar kawo kaya maimakon ya tara yara ya yi musu tsawa.

Man shafawa guda bakwai labarinsa daban. Ƙarami ne, mai tsada, yana shiga aljihu ko jaka, ga shi giɓin bai yi daidai da wani ƙunshi ba. Kafin a zargi kowa, a fara duba ɗan’uwansa ƙaramin kwalba. Idan babba ya yi giɓin bakwai, ƙarami kuma ya yi rarar bakwai, to mai karɓar kuɗi ne ke danna ƙarami alhali babba ya miƙa, asarar gaskiya ita ce bambancin farashinsu kawai. Idan ƙaramin ya cika daidai, sai a mayar da man kusa da teburin karɓar kuɗi, a riƙa ƙirga shi kowane dare har mako biyu. Ƙirgen wata-wata yana nuna cewa abu ya ɓace, na kullum kuwa yana nuna ranar da ya ɓace da wanda ke bakin aiki.

Akwai wata ƙofar da manajoji ke jin nauyin rubutawa, kuma a kantunanmu tana da faɗi. Hajiya ta aiko direba ya ɗauki katan ɗin taliya, ƙanen mai gida ya biyo ya ɗauki turare, maƙwabci ya karɓi mai zai kawo kuɗin gobe. Ba wanda ya yi sata, amma ba a rubuta ba, sai ƙarshen wata kayan su faɗa layin “ba a gano ba”, zargi ya hau kan yaron da bai ci nanin ba. Manaja mai hankali yakan buɗe shafi na musamman na kayan gida da na bashi, mai ɗauka ya sa hannu, sannan ya ba su layinsu a jadawalin ba tare da ya kira su asara ba. Da ladabi ake faɗa, amma ana faɗa.

Shi ma mai gida akwai abin da ya kamata ya sa wa ido. Jadawalin da kowane layinsa ke da dalili wata bayan wata, babu ko ɗaya da aka ce ba a gano ba, ya fi ba ni tsoro a kan mai giɓi, domin “ya lalace” rijiya ce da ake iya jefa komai. Dalilin ajiye kayan da suka lalace har mai gida ya gani ke nan, kuma dalilin da ya sa mai riƙe da makullin sito ba ya ƙirge shi kaɗai. Idan kuma duk giɓin da aka kawo sai mai gida ya zaftare shi daga albashin yara ba tare da bincike ba, wata mai zuwa za a kawo masa jadawali mai tsabta, kayan kuma su ci gaba da raguwa.

A wasiƙar watan Mayu, abin da zai fara nema shi ne sakamakon layuka biyun da aka bari a buɗe: me dilan sabulu ya ce da aka nuna masa takarda, kuma man shafawa nawa aka tarar a ƙirgen dare goma sha huɗu.