Bashin Haraji Ya Taru? Ga Yadda Ake Neman Biya Kaɗan-Kaɗan

Takardar neman biyan bashin haraji ba ta zuwa da sallama. Yaron shago ne zai miƙo maka ita, ka buɗe ka tarar da adadin da ya fi ƙarfin abin da ke aljihu. Da yawa daga 'yan kasuwarmu sai su tura ta ƙasan dila, suna jiran ta wuce. Ba ta wucewa. Tara na hawa, kuɗin ruwa na ƙaruwa, kuma doka ta bai wa hukumar haraji ikon kama kayan wanda ya ƙi biya. Amma akwai ƙofa a buɗe: mutum ya rubuta wasiƙa ya nemi a rarraba masa biyan. Hukumar ba dole ba ce ta yarda, shi ya sa yadda aka tsara wasiƙar yake da nauyi.

Kafin a ɗora biro a takarda, a san ofishin da za a nufa. Ɗan kasuwar da ke harka da sunansa, harajin kuɗin shigarsa na hukumar tara haraji ta jiharsa ne, kamar ta Jihar Kano ga mai shago a Kantin Kwari. Kamfani mai rajista kuwa, harajin ribarsa na hukumar tarayya ne. Sannan a zauna a duba adadin da aka rubuto, shekara bayan shekara, a gwada da rasitan da ke hannu. Wannan wasiƙa amsa bashi ce: ranar da ka sa hannu ka ce za ka biya, ka yarda ke nan ana bin ka. Idan kana ganin ƙiyasin ya wuce ƙima, wata takarda daban ake rubutawa ta ƙin amincewa, cikin kwana 30 da samun takardar ƙiyasi. Wanda ya bari kwanakin suka shige, adadin ya zauna masa.

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da atamfa. Ana bin sa ainihin haraji na shekara uku: naira 350,000 na 2022, da 400,000 na 2023, da 450,000 na 2024, jimilla 1,200,000. An ɗora masa tarar kashi 10 cikin ɗari, wato 120,000, kuma a ce kuɗin ruwan da aka lissafa ya kai 180,000. Bashin ya tashi naira 1,500,000.

Kuskuren da na fi gani shi ne a fara da tambayar nawa hukuma za ta so ji. A fara da littafin shago. A ce mutumin nan, bayan ya fitar da kuɗin haya da na yara da na sufuri, ribarsa a wata mai matsakaicin ciniki naira 420,000 ce. Gida na cin 200,000. Sai ya ware 40,000 domin harajin bana, wanda mutane ke mantawa da shi, su gama biyan tsohon bashi su tarar sabo ya tsiro. Abin da ya rage 180,000. Wannan shi ne iyakarsa, kuma duk kason da ya haura haka, jari zai ci. A yi lissafin da watan da kasuwa ta kwanta, kada a yi shi da cinikin jajiberin Sallah.

Yana da 300,000 a ajiye, sai ya biya su tun kafin ya kai wasiƙar, ya nemi a cire su daga ainihin harajin. Ainihi ya koma 900,000. Ya raba shi gida shida, 150,000 kowane wata. Amma kuɗin ruwa ba ya tsayawa don an yi yarjejeniya, yana bin abin da ya rage. Ofishin ne zai faɗi ma'aunin da yake aiki da shi, kuma a tambaya tun farko. Domin misalinmu, a ce kashi 2 cikin ɗari ne a wata. A watan farko ruwan 900,000 zai zama 18,000, a na biyu ruwan 750,000 zai zama 15,000, haka yake sauka da 3,000 kowane wata. Tara da tsohon ruwa, 300,000, ya bar su zuwa wata biyu na ƙarshe. Ga jadawalin da zai shiga wasiƙar, kowane biya ranar 28 ga wata:

Mayu: 168,000, saura ainihi 750,000
Yuni: 165,000, saura 600,000
Yuli: 162,000, saura 450,000
Agusta: 159,000, saura 300,000
Satumba: 156,000, saura 150,000
Oktoba: 153,000, ainihi ya ƙare
Nuwamba: 150,000, rabin tara da tsohon ruwa
Disamba: 150,000, bashi ya ƙare

Rarrabawar ta ja masa ƙarin naira 63,000, gaba ɗaya zai biya 1,563,000. Kason da ya fi girma, 168,000, yana ƙasa da iyakarsa, har da 'yar rara. Dalilin neman a fara kashe ainihi a fili yake: muddin a kansa ake lissafa ruwa, saukarsa ita ce saukar ruwan. Ofis na iya cewa ba haka yake jera biya ba, sai a gyara jadawalin, amma wanda bai nema ba, ba a ba shi.

Ita wasiƙar, da Turanci aka saba kai ta, kuma shafi ɗaya ya isa. A sa wa shugaban hukumar, ta hannun ofishin da ke riƙe da fayil ɗinka. A sama a rubuta suna da adireshin shago da lambar mai biyan haraji, wato TIN, da lambar takardar da aka aiko da kwanan watanta. Jikinta, idan aka faɗe shi da Hausa, kamar haka ne:

"Ranka ya daɗe, na karɓi takardarku ta neman naira 1,500,000 na shekarun 2022 zuwa 2024, kuma na amince da adadin. Tsadar kaya da bashin da ke hannun abokan ciniki ne suka hana ni biya a kan kari. Na biya naira 300,000, ga rasit a haɗe. Ina roƙon a bar ni in biya sauran cikin wata takwas bisa wannan jadawali, a kuma dakatar da matakin kama kaya muddin ina cika alkawari. Ina kuma roƙon a duba yiwuwar yafe mini tara. Harajin bana zan biya shi a lokacinsa."

Dalili layi biyu ya wadatar. Jami'in da zai karanta ya sha jin labarin kasuwa ba daɗi, abin da zai iya kai wa maigidansa shi ne rasit da lissafi. Don haka a haɗa da bayanin asusun banki na 'yan watannin baya, ya ga da idonsa cewa 180,000 ɗin nan ba ƙirƙira ba ce. Roƙon yafe tara kuma a bar shi a matsayin roƙo. Kada a cire 120,000 daga jadawalin kafin a samu amsa.

A kai kofi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, ka koma da shi gida. "Ba komai, Alhaji, je ka dinga biya" da wani ma'aikaci zai faɗa a baki ba yarjejeniya ba ce. Gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi fayil kawai zai duba. A bi sawu har amincewa ta fito a rubuce, a kuma ci gaba da biya bisa jadawalin ko da ba ta fito ba tukuna. Kowane biya ya bi ta banki ko hanyar da hukumar ta ayyana, da lambarka a jiki, kada a damƙa wa kowa tsabar kuɗi. Mai neman takardar shaidar biyan haraji domin kwangila ya tambaya a rubuce ko za a ba shi ita yana tsakiyar biya.

Idan wata ya zo da matsala, a ce kaya sun maƙale a hanya kuma kuɗin Agusta ba za su cika ba, a rubuta tun kafin ranar 28, a biya abin da ya samu, a faɗi ranar cikawa. Takardar amincewa kan zo da sharaɗin cewa tsallake kaso ɗaya na rushe yarjejeniyar, a nemi sauran gaba ɗaya. A karanta wannan sharaɗi da kyau ranar da aka karɓi takardar.