Jerin Ɗauka: Yadda Darakta Ke Raba Yini Ɗaya Tsakanin Kyamara da Rana

Mai kallo yana ganin uwa da ɗanta suna magana a tsakar gida na minti biyu da rabi, sai ya zaci an kunna kyamara ne suka yi maganar aka kashe. Alhali kuwa an maimaita wannan hira sau goma ko fiye, kyamara na sauya wuri, daga baya mai tace fim ya harhaɗa guntayen. Takardar da ke faɗin guntaye nawa za a ɗauka, daga ina, kuma wanne ne zai riga wanne, ita ce jerin ɗauka. Darakta da mai ɗaukar hoto ne ke zama su rubuta ta bayan marubuci ya kammala fitowar, kafin a je lokeshin. Mataimakin darakta kuma shi ke riƙe da agogo yana ce musu wannan ba zai shiga yini ɗaya ba.

Bari mu ɗauki fitowa guda mu bi ta daki-daki. A ce shafi biyu da rabi ce, a tsakar wani gida cikin birnin Kano, da rana. Hajiya na zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa a faranti. Ɗanta na fari, Sadiku, ya yi sallama ya shigo, ya tsuguna ya gaishe ta. Bayan 'yar kewaye-kewaye sai ya ce, "Umma, na sayar da gonar Baba." Ya ajiye ɗaurin kuɗi a gefen tabarma. Ba ta ce uffan ba, sai ta sa bakin faranti ta ture kuɗin. Ƙanwarsa Ladidi tana tsaye a ƙofar kicin, ta ji komai.

A al'adar rubutun fim, shafi ɗaya yakan ba da kusan minti ɗaya a allo. To amma wannan lissafin na mai kallo ne. Wanda zai ɗauka yana fara da wata tambaya dabam: a wane daidai ne al'amari ya juya a fitowar nan? Da yawa za su ce lokacin da Sadiku ya furta maganar. Ni a ganina ba nan ba ne. Uwar Bahaushe ba ta cika ɗaga ido ta kalli ɗan fari ba, balle ta kira sunansa, saboda haka fuskar Hajiya tana sunkuye tun farko har ƙarshe. Abin da zai nuna maganar ta sauka a zuciyarta shi ne yatsunta, da suka tsaya cak a cikin shinkafa. Daraktan da ya gane haka ya riga ya san ɗaukar da ba zai bar gidan nan ba sai ya same ta: hannun Hajiya daga kusa, tun daga tsayawar yatsu har zuwa turewar kuɗin. A wata fitowar, hoton hannu ƙari ne da ake yi idan lokaci ya ragu. A wannan kuwa shi ne ƙashin bayan labarin.

Zaman nasu ma yana da tasiri a kan kyamara. Ita tana ƙasa, shi yana tsugune, don haka dole a sauke kyamara zuwa daidai idonsu. In aka bar ta a tsaye bisa ƙafafunta, saman ɗankwali da hula kawai za a riƙa gani.

Daga nan sai jerin buri. Darakta ya rubuta duk abin da ransa ke so: babbar ɗauka mai nuna tsakar gida gaba ɗaya, wadda 'yan fim ke ce wa masta, kyamara ta biyo Sadiku a baya tun daga zaure, Hajiya daga kafaɗar Sadiku, fuskarta daga kusa, haka shi ma sau biyu, hannunta, Ladidi a bakin ƙofa, hoto daga saman katanga, kaji na kiwo, da sauransu, har guda 14. Babu laifi a wannan, domin a takarda ne, kuma takarda ba ta cin kuɗin kowa.

Sai a zo ga agogo. A Kano rana kan faɗi ne wajen ƙarfe shida zuwa bakwai saura, gwargwadon lokacin shekara, amma tsakar gida mai dogayen katangu haskenta yakan mutu tun kafin nan. A ce an hallara ƙarfe bakwai na safe, an yi kwalliya, an shimfiɗa wayoyi, kyamara ta fara aiki 8:30, haske mai amfani ya ƙare 5:30. Awa tara ke nan. A cire awa ɗaya da rabi na sallar azahar, cin abinci da la'asar, saura bakwai da rabi. Furodusa kuma ya ce fitowa uku za a yi a gidan yau, don gobe mai gida na da baƙi. Tamu ita ce mafi nauyi, aka ba ta awa uku, wato minti 180. Idan kowace ɗauka ta ci minti 20, guda 14 za su ci minti 280. An zarce da minti 100 tun ba a kunna kyamara ba.

A nan ne sabon darakta kan yi kuskure: ya fara ƙirga ɗauka yana yankewa da ka. Ba yawan ɗauka ke cinye yini ba, yawan tashin kyamara ne. Duk lokacin da ta sauya mazauni, sai an gyara fitilu da faifan mayar da haske, mai sauti ya nemi inda zai tsaya inuwar sandarsa ba ta faɗo a bango ba, a kwashe akwatuna da takalman ma'aikata daga inda kyamara za ta kalla. Amma idan tana zaune wuri ɗaya, sauya mata gilashi don a matso da fuska aikin 'yan mintuna ne. Saboda haka ake tara ɗauka bisa inda kyamara ke fuskanta, ba bisa yadda suka biyo juna a labari ba.

Ga yadda tamu za ta koma. Mazauni na farko masta ce, a ba ta minti 35 har da gwaji. Ita ake fara yi domin ita ke tsayar da inda kowa ya zauna, da hannun da Sadiku ya ajiye kuɗi, da gefen da faranti yake; mai kula da kwantiniti ya rubuta, sauran ɗaukar duk su bi. Mazauni na biyu yana bayan kafaɗar Sadiku, yana kallon Hajiya: matsakaiciya minti 25, fuskarta daga kusa minti 15, sannan a sunkuyar da kyamara kan hannunta, minti 10. Sai juyawa, wato a kwashe komai a koma ɗaya gefen, wanda shi kaɗai zai ci minti 20 ba a ɗauki ko daƙiƙa ɗaya ba. Mazauni na uku Sadiku ne, matsakaiciya da ta kusa, minti 35. Na huɗu Ladidi a ƙofar kicin, minti 15. Jimilla minti 155, ɗauka bakwai daga mazauni huɗu.

Minti 25 da suka rage ba na ƙarin ɗauka ba ne. Na injin markaɗen maƙwabta ne da zai tashi ana tsakiyar magana, da janareta da zai shaƙe, da yaron da zai leƙo ta katanga, da ɗan wasan da zai manta layinsa. Jerin da bai bar wa irin waɗannan wuri ba, tun kafin azahar zai rushe.

Me aka zubar? Biyo Sadiku daga zaure ita ce ta fi zafi a rabu da ita, don tana da kyau. Sai dai zaure duhu ne, tsakar gida haske, ga tafiya da sai an gwada sau da dama kafin mai ɗaukar hoto da ɗan wasa su daidaita taku. Za ta iya lashe minti 45, abin da take faɗa kuwa shi ne Sadiku ya shigo gida, kuma masta ta riga ta faɗi haka. Hoton saman katanga da na kaji suka bi ta. Ba a goge su a takarda, ana sa musu alama ne. Masu alamar farko su ne waɗanda in babu su fitowar ba za ta haɗu ba: masta, matsakaiciyar kowannensu, da hannun Hajiya. Na biyu su ne masu ƙara armashi. Na uku sai in rana ta yi rangwame. Amfanin wannan shi ne a yanke shawarar abin da za a bari tun da dare, kai a sanye, maimakon ƙarfe biyar na yamma kowa ya gaji, furodusa na kallon agogo.

Akwai wani wajen rage lokaci da ake yawan mantawa. Ba dole ne kowace ɗauka ta bi fitowar daga farko zuwa ƙarshe ba. Mai tacewa zai yi amfani da masta ne wajen shigowar Sadiku da wajen tashinsa, don haka in an samu cikakkiya sau ɗaya, ya isa. Fuskar Hajiya daga kusa kuwa a fara ta daga layi biyu kafin maganar gona.

Amma tsumulmula ma tana da iyaka, kuma a ɗakin tacewa asirinta ke tonuwa. A ce an fasa ɗaukar Ladidi don a tsira da minti 15. Mai tacewa ya ga hirar ta yi tsawo, yana son cire layi uku daga tsakiya, amma ba shi da wani hoto da zai rufe wajen yankan. Sadiku zai yi tsalle a allo, kansa na dama sai ga shi a hagu. Ladidi, wadda ba ta ce komai ba, ita ce mafakar mai tacewa, ita ce kuma idon mai kallo a cikin gidan. Haka nan idan matsakaiciya da ta kusa suka yi kama da juna sosai a girma da kusurwa, yankan da ke tsakaninsu zai zama kamar tuntuɓe. Shi ya sa ake son bambancin girman ya fito fili, ko kyamara ta gusa da kusan digiri 30.

Wani tarkon yana wajen juyawa. A ɗauka an ja layi daga Hajiya zuwa Sadiku; kyamara za ta zauna a gefe ɗaya na layin nan har a gama. In a gaggawa aka tsallaka ɗaya gefen don bangon can ya fi kyau, a allo su biyun za su fuskanci hanya ɗaya, kamar kowa na magana da wani dabam. Ɗan zanen tsakar gidan a bayan takardar, da layin da wuraren kyamara huɗu, yana hana wannan.

Alfred Hitchcock ya kwashe kusan mako guda yana ɗaukar fitowar wurin wanka ta fim ɗinsa Psycho na 1960, da mazaunin kyamara 78, don abin da bai wuce 'yan mintuna ba a allo. John Ford kuwa an san shi da ɗaukar iya abin da yake buƙata, har masu kamfani su rasa guntayen da za su sake tsara masa fim. Bakwai ɗin da muka tsayar ta fi kusa da hanyar Ford, kuma ita ce hanyar da ta dace da aljihun yawancin masu fim a Kano.

Saura rana, wadda ba ta jiran kowa. Inuwar katanga tana tafiya a tsakar gida. In an yi masta ƙarfe tara Hajiya na cikin inuwa, zuwa sha ɗaya da rabi rana na iya kai wa tabarmarta, ta faɗo daga sama ta duhunta ramin ido. Don haka ake zuwa duba gidan kafin ranar aiki, a daidai sa'o'in da za a yi ɗaukar. Manyan hotuna, waɗanda inuwa ke bayyana a cikinsu, a gama su da wuri a jere. Na kusa ana iya yi musu rumfa da farin ƙyalle a daidaita haskensu ko da rana ta take. Ladidi kuma tana ƙarƙashin inuwar ƙofa, haskenta bai cika sauyawa ba, shi ya sa aka ajiye ta a ƙarshen jeri, daf da kiran azahar.